Abin da ya cancanci shiga takardar mai jawabi

A tarukan tunawa da tarihi, daga Yamai har Damagaram, mun saba ganin mai jawabi ya miƙe da shafi shida a hannu, ya sunkuyar da kai, ba ya ɗagowa sai an fara tafi. A ganinmu laifin na takardar ne, domin an cika ta da abin da harshe ya riga ya sani. Abin da ya kamata a rubuta shi ne wanda ƙwaƙwalwa ke iya zamewa a kansa: shekara, suna, adadi, da mahaɗar da ke kai mutum daga wannan batu zuwa wancan.

A ce an ba mutum minti goma ya yi magana a kan Sarauniya Mangu. Rabin shafi ya ishe shi, da manyan haruffa, layi huɗu ko biyar. Na farko: "Lugu, kusa da Dogondutsi, Afrilu 1899." Na biyu: "Voulet da Chanoine, ɓarnar hanya." Labarin yadda rundunar ta bi tana ƙona garuruwa, da yadda mutanen Lugu suka tare ta da kwari da baka, ba ya bukatar rubutu, duk wanda ya san shi zai ba da shi da bakinsa, idonsa na kan jama'a. Na uku: "Yuli 1899, sojojinsu suka kashe su." Na huɗu: "Abdoulaye Mamani 1980, Med Hondo 1986." A nan ne harshe ke yawan tuntuɓe, ya ba littafi shekarar fim, ko fim shekarar littafi, kuma a kowane taro ba a rasa malamin makarantar da zai lura.

Mahaɗa kuwa ita aka fi mantawa da ita. Mai jawabi ba safai yake ɓacewa a tsakiyar labari ba, a bakin gaɓa yake yin tsuru-tsuru, ya gama yaƙi ya rasa ta inda zai shiga littafi. Kalma uku tsakanin layi na uku da na huɗu, kamar "wa ya tuna?", sun isa su tsallakar da shi. A gefe kuma ya sa "minti 6", don ya san ko ya daɗe a Lugu fiye da kima.

Masu tsoron suɓutar baki za su ce rubuta komai ya fi aminci. Mun yarda da su a wuri ɗaya: maganar wani da za a ɗauko, ko aya, ko sanarwar hukuma, a rubuta ta cif, a karanta ta a fili. Sauran kuwa a gwada su tun a gida. A tsaya, a kalli layi sau ɗaya, a ɗaga kai a yi magana. Idan ido ya koma kan layin kafin a kai ƙarshensa, ya yi tsawo, ya fara zama jimla, sai a datse shi.