Aski Ya Zo Gaban Goshi: A Daina Korar Layi Baya

Yau kan goshinmu zan yi magana, kuma na san wasu za su ji haushina, musamman masu aski. To sai dai a yi haƙuri, dama an ce wanzami ba ya son jarfa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, yawancin faɗin goshin da nake gani a kan samarinmu na nan Landan, 'yan shekara 22 zuwa 30, ba sanƙo ne kaɗai ya jawo shi ba. Rabi gado ne, rabi kuma kilifa ce. Mun taso a wurin da ake auna gayu da kaifin layin gaban goshi, ya fito a miƙe sambal kamar an sa rula, kusurwa biyu su tsaya cak kamar bakin akwati. Iyayenmu gyaran fuska suke ce wa abin, kuma a wurinsu share 'yan gashin da suka yi tsallake ne kawai, a ɗora hula a tafi. Mu kuwa mun mayar da shi zanen gini. Matsalar ita ce gashin ɗan Adam ba a miƙe yake tsirowa ba, don haka duk wanda zai ba ka miƙaƙƙen layi dole ya yanke wani abu.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai aski mai hankali zai taje gashin gaba ya kwantar da shi zuwa goshi, a bushe, ya fara daga tsakiya, ya taɓa bakin kilifa a kan gashin da ya zarce iyakar asali kawai, sannan ya bi a hankali zuwa dama da hagu. Mai gaggawa kuma, wanda mutum biyar ke jiran sa a benci ranar Asabar, ba ya neman iyakar asali. Layin da ya yi maka wancan karon yake nema, sai ya shiga bayansa kaɗan don ya sami gashi mai kauri da zai ba shi kaifi. A ce milimita ɗaya kacal yake ci duk zuwa, kai kuma duk sati biyu kana kan kujerarsa. Cikin wata biyar ka je sau goma, santimita guda ta tafi. Ba ka lura ba saboda kullum da ka tashi daga kujera layin yana kyau. Sai bayan kwana uku ko huɗu ka ga wata inuwa baƙa-baƙa ta fito a ƙasan layin, kamar gemun da aka aske shekaranjiya. Wannan inuwar gashinka ne na gaskiya yake gaya maka inda gidansa yake.

Abin farin cikin shi ne kilifa ba ta kashe saiwar gashi. Abin da ta ci zai dawo. Wanda ba ya dawowa da kansa shi ne na gado, kuma ya kamata kowa ya san yadda zai bambance su kafin ya fara zargin mai aski ko kakansa.

Sanƙon gado yana da hanyarsa. Akwai wani sinadari a jikin namiji da ake kira DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin mazantaka. Ga wanda ya gaji abin, ta wajen uwa ko ta wajen uba, saiwoyin gashin kusurwoyin goshi da na tsakar ka ba sa jure masa. Ba faɗuwa gashin yake yi dare ɗaya ba, ƙanƙancewa yake yi: kowane sabon tsiro ya fi na baya siranta, ya fi shi gajarta, launinsa ya dushe, har ya koma kamar gashin jariri. Wani likita Ba'amurke, O'Tar Norwood, ya tsara matakan abin guda bakwai a 1975, kuma har yau da ma'auninsa likitoci ke aiki. A matakan farko kusurwoyi ne ke ja da baya, tsakiya ta tsaya, goshi ya ɗauki siffar harafin M.

Gwajin da nake ba kowa shawara ba ya cin ko kwabo. Ka hana a taɓa maka gaban goshi na sati huɗu zuwa biyar. A yi maka saisaye in kana so, a gyara ƙeya da saje, amma layi a bar shi. Gashi yana tsawo wajen santimita ɗaya a wata, irin namu mai nannaɗewa ma yakan ɗan gaza haka, don haka wata guda ya isa ka ga gaskiya. In wurin ya cike da gashi mai kauri irin na sauran kai, mai aski ne ya kore ka. In kuwa abin da ya fito siriri ne, tsilli-tsilli, kana hango fata ta cikinsa, to gado ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan ka tsaya gaban madubi ka ɗaga gira sama sosai. Tamojin da ya fi kowanne bisa a goshinka, kusan nan ne layinka yake lokacin kana yaro. In gashinka ya ja baya da faɗin yatsa ɗaya daga nan, wato santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ya tsaya a haka shekara da shekaru, wannan girma ne kawai, yawancin maza haka suke yi. Ka ɗauki hoto a wuri ɗaya da haske ɗaya duk wata uku, domin ido yana ruɗin mai shi.

Af, kafin in manta, hula ba ta kawo sanƙo. Ku daina ɗora wa zanna bukar laifi. Abin da ke ja da gashi da gaske shi ne kitso mai tsauri da dada da ake ɗaure ta tamau a baya, waɗanda 'yan uwanmu da yawa ke yi yanzu. In ka ga ƙananan ƙuraje a bakin kitso ko kana jin zafi in ka ɗaga gira, a sassauta. Da wuri gashin yana dawowa, in an ɗau shekaru ana ja, wurin ya zama tabo, shi ke nan.

Bari in kawo misalin wani abokina, ɗan shekara 27, don a ga inda kuskuren ya fi muni. Kusurwoyinsa biyu sun ja baya da wajen santimita ɗaya da rabi, tsakiya kuwa tana nan daram. Shi yana son layi a miƙe. Mai askinsa ba zai iya dasa gashi a kusurwa ba, to me ya rage masa? Sai ya aske tsakiyar ya mayar da ita baya ta yi daidai da kusurwoyin. Wato don a ɓoye wurare biyu da gashi ya tafi, an sadaukar da wuri ɗaya da gashin yake da lafiya. Ranar aski tsaf, kwana huɗu bayan nan sai ga wani tsibiri na inuwa a tsakiyar goshi, kowa yana gani. Kuma da yake yana tara suma a sama, wajen lamba 4, bambancin da ke tsakanin wuri mai duhu da wurin da ya yi fili sai ya ƙara fitowa.

Gyaran da aka yi masa bai da wuya. Ya yi sati biyar ba a taɓa layin ba, ya sha tsiya wurin abokai, tsakiyar ta dawo. Sannan aka rage saman zuwa lamba 1, wato milimita 3, ana bin kwanciyar gashi. Lamba 2 milimita 6 ce, ita ma tana yi in gashin saman bai fara siranta ba, amma daga nan kar a wuce. Dalili kuwa, ido ba ya ganin sanƙo sai ta hanyar bambanci, gashi in ya yi gajere fatar kai tana ɗan lekowa ko'ina, sai wurin da ya yi fili ya daina zama bare. Sai babban abin: aka fasa yin kusurwa gaba ɗaya. Mai askin ya fara fed, wato askin da ke tashi daga fata yana ƙara duhu a hankali, tun daga gaban kunne, ya hau da shi har ya narke cikin wurin da gashin ya ja baya. Wanda ya kalle shi zai ɗauka da gangan aka share wurin. Tsakiyar kuma aka ɗan share bakinta a bisa lanƙwasarta ta asali, ba reza. Ya bar gemu ya ɗan cika, aka fitar da layin kumatu da kyau, sai kaifin da yake nema a goshi ya koma can.

Na san abin da masu aski za su ce: ai kwastoma ne ke zuwa da hoton wani mawaƙi ya ce a yi masa irin wannan, in ba ka yi ba ya tafi shagon gaba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa rabin maganata da mu masu zama a kujera nake. Ka buɗe baki kafin a kunna kilifa. Ka ce, "Maigida, bi min layina na asali, kar ka shiga ciki, kusurwa kuma a bar ta yadda take." Ka sa yatsa ka nuna masa. Kar ka ɗaga gira lokacin da yake aiki, fatar goshi tana motsawa, layin ya karkace, sai ya zo daidaitawa ya ƙara cin wani. In ka ga ya koma gefe ɗaya sau uku yana gyara, ka ce ya isa haka.

Feshin baƙi da garin gashin da ake barbaɗawa a cike kusurwa fa? Don ranar biki ko hoto, ba ni da ja. Amma abu ne na kwana ɗaya ko biyu, ruwan saman garin nan da zufa da shafar kai wurin alwala duk suna tafiya da shi, ya bar maka zane a goshi da tabo a bakin hula. In kuma rini ne mai kama fata, a gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, don akwai waɗanda fatarsu ke kumbura da shi.

Wanda gwajin nan ya nuna masa gado ne, kuma yana son ya riƙe abin da ya rage, wurin likita ko mai kantin magani zai nufa, ba wurin mai man kwalba da ba a san me ke ciki ba. Magunguna biyu ne aka daɗe da tabbatarwa: minoksidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasterid a 1997. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga alama, sun fi iya tsare gashin da ke nan a kan dawo da kusurwar da ta riga ta yi santsi, kuma in ka daina, gashin da maganin ya riƙe maka zai zube, sanƙon ya ci gaba. Ƙwayar tana iya taɓa sha'awar namiji ga wasu, don haka a tambaya sosai kafin a fara. Dashen gashi ma akwai, Wayne Rooney ya fito ya faɗa da kansa a 2011 cewa ya yi, amma wannan maganar aljihu ce.

In kuma gaba da tsakar ka sun kusa haɗewa, ni dai a ganina a yi tal-kwabo kawai. Michael Jordan ya yi, ba wanda ya ce masa komai. Sharaɗi ɗaya: gashinmu yana lanƙwashewa ya koma cikin fata in an aske shi ƙasa sosai, shi ke kawo ƙurajen aski, musamman a ƙeya, inda wasu kan zama tabo mai tauri da ba ya ɓacewa. Don haka kilifa ba kariya ta fi reza, a bi kwanciyar gashi, kuma ka ga an goge bakinta da maganin kashe ƙwayoyin cuta a gabanka kafin ta taɓa kanka.