Wasiƙa ga Lauyoyi Masu Rubuta Takardun Haya

Ina shaida muku cewa takardunku sun kashe husuma mai yawa tsakanin masu gidaje da 'yan haya, Allah Ya saka muku. Amma akwai sharuɗɗa biyu da suka zama ruwan dare a takardun gidaje da shaguna, waɗanda ba zan iya yin shiru a kansu ba. Na farko yana cewa mai gida ba ya ɗaukar alhakin duk ɓarnar da ta sami kayan ɗan haya, ko mene ne sanadinta. Na biyu kuwa yana cewa in wani ya kai mai gida ƙara saboda abin da ya faru a ginin, ɗan haya ne zai biya diyyar da kuɗin shari'ar.

Ku tuna abin da ya faru a birnin Montreal na ƙasar Kanada. A 1940 gwamnati ta ba kamfanin jiragen ruwa na Canada Steamship Lines hayar wata rumfar ajiye kaya a bakin tasha, ta ɗauki alkawarin gyaranta, ta kuma sa irin waɗannan sharuɗɗa biyu a takarda. A 1944 ma'aikatan gwamnatin suna cikin gyara da wutar walda, sai tartsatsi ya faɗa kan dilolin auduga, rumfa ta ƙone da dukiyar fiye da dala 500,000, wadda mafi yawanta ta wasu 'yan kasuwa ce. Da masu kaya suka nemi haƙƙinsu, gwamnati ta fito da takarda, ta ce kamfanin ne zai ɗauki asarar. A 1952 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta daular Ingila a London, ta bakin Lord Morton, ta ƙi wannan hujja, domin takardar ba ta ambaci sakaci ƙarara ba, kuma lafazinta yana iya ɗaukar wata ma'ana wadda ba sakaci ba. Inda shubuha ta shiga kuwa, a kan wanda sharaɗin ke karewa ake fassara ta.

To, abin da ke ƙona mini rai shi ne darasin da waɗansunku suka ɗauka daga wannan hukunci, domin maimakon su fahimci cewa alƙalai suna ƙyamar a ɗora wa mutum laifin wani, sai suka koyi cusa kalmar sakaci a cikin sharaɗin, don kada gobe alƙali ya sami ƙofar ceton ɗan haya. Wannan dabarar zalunci ce, ko da kotu ta zartar da ita.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin ijara. Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa wanda ya yi hayar abu ba ya lamuncewa in ya halaka a hannunsa, kuma gidan da ya rushe kafin wa'adi ya cika, hayar sauran kwanakin ta warware. Shaihu Halil a Muhtasar ya ɗauki ɗan haya amintacce, amintacce kuwa ba ya biya sai in ya yi ta'adi ko sakaci. A dā, dattijon da aka kira ya shaidi haya yakan ji kunyar sa hannu a kan irin wannan sharaɗi, yau kuwa ana kwafe shi daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa ba tare da an ko karanta ba.

Ku yi mini afuwa in harshena ya yi kaifi, ga shawarata. Ku raba alhaki gwargwadon iko: rufi da bango da wayoyin lantarkin da ke cikin gini suna hannun mai gida, asararsu tasa ce, shi ya kamata ya yi musu inshora; janareton da ɗan haya ya kawo, da gas ɗin girkinsa, da abin da yaransa suka ɓata, nasa ne. Ku taƙaita diyya ga laifin ɗan haya da mutanensa, ku yanka mata iyaka da adadin kuɗi sananne, ku kuma rubuta cewa in gini ya ƙone ba da laifinsa ba, haya ta tsaya, a mayar masa da ragowar kuɗin shekarar da ya biya. Duk inda kuka ga lafazin “ko mene ne sanadi”, ku soke shi.

Mai gida ne ke biyan ku, na sani, amma mai shagon da ke sa hannu sau da yawa ba shi da lauya, ba ya kuma jin Turanci. Ku karanta masa sharaɗin da Hausa, a gaban shaidu, kafin ya sa hannu. Wanda kuka ji nauyin karantawa da babbar murya, kada ku rubuta shi. Ku ji tsoron Allah a cikin amanar alƙalaminku.

Wassalam, daga ɗan'uwanku, dattijo a wannan sana'a.