Jan Biro da Bakin Dattijo

Duk ƙarshen zangon karatu, makarantunmu na Wurno da Rabah da Goronyo kan shirya wasan kwaikwayo, kuma kusan kullum abu guda muke gani a rubutun ɗalibai: kowa a cikin wasan da baki ɗaya yake magana. Hakimi da ɗan aikensa, kaka da jikarta, duk Hausar littafin aji suke yi. Muna ganin laifin namu ne, mu malamai. Mun saba wa yara da cewa duk inda suka rubuta "munka" ko "wanga", jan biro zai bi ta kai, har suka daina sauraren yadda iyayensu ke magana.

Ga irin fitowar da muke yawan karantawa. Matashin malami ya je wurin wani dattijo manomin albasa a fadamar Goronyo, saboda 'yarsa ta daina zuwa makaranta. Ɗalibi sai ya sa malamin ya ce, "Malam Audu, me ya sa ba ka tura 'yarka makaranta?" Dattijon ya amsa, "Na fahimci muhimmancin ilimi, zan tura ta." Nahawu bai karye ba, amma babu mutumin ƙasar nan da zai yarda an yi wannan zance. Yaro sa'an ɗansa ya kama sunansa, ya tsallake gaisuwa, ya tuhume shi a ƙofar gidansa, shi kuma ya miƙa wuya nan take.

Ga yadda kunne ya san abin:

Malami: Salamu alaikum. Baba, an wuni lafiya? Yaya aikin fadama?

Dattijo: Lahiya lau, malam. Ina gajiya?

Malami: Babu gajiya. Dama zancen yarinyar nan ne, kwana biyu ba mu gan ta ba.

Dattijo: To, malam, mun jiya. Albasa ta, ka san ba ta jiran kowa. In munka kwashe, sai abin da Allah yay yi.

Girma iri biyu ne suka haɗu a nan. Malamin ya ce "Baba" saboda shekaru, dattijon ya ce "malam" saboda matsayi, kowa ya ba ɗan'uwansa haƙƙinsa. Malamin bai yi tambaya ba, ya ajiye magana ne ya ja baya. Dattijon kuwa bai ƙi ba, bai kuma yi alkawari ba, kuma duk wanda ya taɓa bin gidaje neman ɗalibai ya san ma'anar wannan amsa. Sunan yarinyar bai fito ba, in kuwa 'yar fari ce, alkunya ba za ta bar uban ya kama shi ba ko sau ɗaya. Da kakarta ce ke magana da ita, sai akasin haka: ta kira ta kishiya, su yi ta zolayar juna.

Sakkwatancin da ke bakin dattijon ma ƙidayayye ne: "lahiya", "jiya", "ta" a gurbin "ce", "munka", "yay yi". Wannan ya isa mai karatu ya ji muryar. In aka sauya kowace kalma, ɗan Zariya zai gaji kafin ya kai ƙarshen shafi. Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan, wato a ba jahilin wasan Sakkwatanci don a yi dariya, a ba mai ilimi Hausar Kano. Alƙali da limami a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837 "anka" da "sunka" suke cewa. Iliminsu a wani wuri yake fitowa, a kalmomin Larabci da natsuwar jimla. Haka ɗan boko: yana iya cakuɗa Turanci da abokan aikinsa, amma a gaban dattijo yakan tace bakinsa, in kuwa bai tace ba, marubuci ya nuna mana rashin tarbiyyarsa ke nan.

Za a ce mana jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a sassauta ba a insha'i da wasiƙa da bayanin mai ba da labari. Roƙonmu ga abokan aiki shi ne jan biro ya dakata a bakin alamar zance, ya fara tambayar wane ne ke magana, da wa kuma yake yi. Kafin mu ba da maki, mu rufe sunayen 'yan wasa da takarda, mu sa ɗalibi ya karanta da ƙarfi, ajin ya faɗi mai kowace magana. Layin da aka kasa gane mai shi, shi za a mayar wa marubucin ya je gida ya sake saurare.