Suna Na Mai Shi Ne, Ba Na Mai Rubutu Ba

Yau zan ɗan ajiye labarin da muke ciki in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke rubuta sunayen mutane da sarautunsu a cikin takardun hukuma. A garuruwa irin namu, daga Kaikai zuwa Kusada har Kankiya, da zarar an san kana rubuta littafi, to ka zama akawun unguwa. Mai neman tallafin karatu zai zo, ƙungiyar matasa za ta zo da takardar gayyata, mai ƙorafin gona ma zai zo. Daga irin waɗannan takardu na fahimci cewa abu uku ne muke cakuɗawa alhali kowanne da hukuncinsa: akwai sunan mutum, akwai sarauta ko muƙami, sannan akwai kalmar girmamawa. Ra'ayina shi ne suna ba a taɓa shi, sarauta ba a fassara ta, aiki da girmamawa kaɗai ke bin harshen da aka rubuta takardar da shi.

Mu fara da suna. Yawancin sunayenmu na yanka daga Larabci suka zo, su kuma baƙaƙen boko ba su da hanya guda ta ɗaukar su, shi ya sa suna ɗaya yake fitowa Muhammad, Muhammadu, Mohammed ko Muhammed. Duk wanda ka tambaya zai ce nasa ne daidai. To amma a takardar hukuma tambayar ba ita ce wanne ya fi kusa da Larabci ba. Tambayar ita ce yaya aka rubuta a katin mutumin. Na'urar da ke tantance takardu ba ta san Larabci ba, harafi take dubawa. Tun shekarar 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma sunan da ke jikin lambar nan shi take ɗauka. In takardar sakandare ta ce Mohammed, kati ya ce Muhammad, takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma ta ce Muhammadu, to yaro ɗaya ya zama mutum uku a idon ofis.

Na ga irin haka ga ɗan wani makwabcina. Sunan mahaifinsa a katinsa Lawal ne, kamar yadda mu Katsinawa muka saba faɗa. Wanda ya buga masa takardar gabatarwa mai ilimi ne, sai ya ga ai Lawal daga Auwal yake, ya gyara da kyakkyawar niyya. Yaron nan sai da ya yi sawu uku zuwa Katsina, ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi, kafin a karɓi takardarsa, lokacin kuwa saura ƙiris a rufe. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Haka abin yake ga Garba da Abubakar, ko Iro da Ibrahim, ko Indo da A'isha. Kowa ya san tushensu ɗaya, amma in kati ya ce Garba, kai ma Garba za ka rubuta. Kafin ka ɗora biro, ka ce a ba ka katin ka kwafa harafi bayan harafi, har da jerin sunayen, wanne ne farko wanne ne ƙarshe. In kuma takardun mutum sun riga sun saɓa wa juna, ba a cikin wasiƙa ake sasanta su ba, sai dai a koma ofishin da ya bayar da su.

Akwai wani tarko da ke nan kusa. Mun saba cewa Alhaji da Hajiya da Malam girmamawa ce, ba a sa su a gurbin suna a fom. Gaskiya ne, amma akwai wanda sunan da yake amsawa tun yana jariri shi ne Alhaji ko Magaji ko Sarki, saboda ya ci sunan kakansa ana sakaya masa, kuma haka ya shiga rajistar firamare har ya kai katinsa. In ka goge shi da sunan ai ba suna ba ne, ka yanke wa mutum kashi ɗaya cikin uku na sunansa. Nan ma katin ne alƙali.

Wani zai ce, to ina kishin Hausa? Ai mu marubuta mu ne muke ta faɗa a kan ƙa'idar rubutu, a sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Ina nan a kan wannan, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In ina rubuta labari ko wasiƙar Hausa, Kankiya zan rubuta, da Ƙanƙara, da Sakkwato, da Malam Dikko Umaru Raɗɗa. In kuwa takardar Turanci ce za ta shiga fayil, sai in bi yadda hatimin ofishin ya rubuta kansa: Kankia, Kankara, Sokoto, Radda. Dubi marigayi Shugaban Ƙasa Umaru Musa, wanda ya mulki Jihar Katsina daga 1999 zuwa 2007. Da Hausa muna rubuta 'Yar'aduwa, amma a takardun gwamnati Yar'Adua ne, kuma babu wanda ya isa ya canza shi a can. Abin da ba ya halatta shi ne a ga Kankia a saman takarda, Kankiya a tsakiya, wani abu dabam a kan ambulan. Ka zaɓi ɗaya bisa harshen takardar, ka tsaya a kansa har sa hannu. Sannan a yi hattara da zaƙewa wajen sa lanƙwasa inda babu ita, don wanda ya ɗora ta a kan Dauda ya mayar da bawan Allah dauɗa.

Wannan hukuncin ya fi fitowa fili in takarda za ta ƙetare iyaka zuwa Maraɗi. 'Yan'uwanmu na can da ƙa'idar Faransanci aka rubuta sunayensu. Tsohon shugaban Nijar, Mahamadou Issoufou, a kunnenmu Muhammadu Yusufu ne, amma haka sunansa yake a rubuce, kuma haka za a bar shi. Ɗan kasuwar da ya aika wa abokin cinikinsa Ousmane kuɗi da sunan Usman, shi zai sha wahalar warware zancen.

Sai batun sarauta, inda aka fi yin abin kunya. Mu ɗauka ƙungiyar matasan Kaikai za ta gayyaci Hakimin Kusada bikin buɗe wani aji da suka gina, kuma suna son kwafi biyu, na Hausa da na Turanci. Sarautar hakimin ita ce Bebejin Katsina, aikinsa kuwa hakimci ne. Waɗannan abubuwa biyu ne dabam. Hakimi aiki ne, yana da takwaransa a Turanci, District Head, don haka shi ake fassarawa. Bebeji kuwa sunan sarauta ne, ba a fassara shi, kamar yadda duniya ta san Sa Ahmadu Bello da Sardauna ba tare da wani ya nemo mata Turanci ba. A kwafin Hausa za a rubuta Mai Girma Bebejin Katsina, Hakimin Kusada, sannan sunansa. A na Turanci za a rubuta sunansa, sai Bebejin Katsina, sai District Head of Kusada. Kada a yar da kalmar Katsina don neman gajarta, domin akwai garin Bebeji a Jihar Kano, wanda bai san masarautarmu ba zai iya ɗauka can aka nufa.

Ku lura da ɗan harafin nan na ƙarshe a Bebejin, ko Kankiyan, ko Galadiman. Shi ne yake ɗaure sarautar da garin, aikin da of take yi a Turanci. Saboda haka ko dai ka rubuta Galadiman Katsina, ko ka rubuta Galadima of Katsina. Wanda ya rubuta Galadiman of Katsina ya yi ɗauri biyu a wuri ɗaya, kamar mai sa hula a kan hula, kuma sau da yawa ina ganin haka a katunan gayyata.

Kalmar Sarki ita ma tana yaudarar mutane. Sarkin Katsina shi ne Emir, wannan babu gardama. Amma Sarkin Fada da Sarkin Yaƙi da Sarkin Noma fa? Ko Sarkin Maska, wanda hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Katsina? Duk wanda ya ɗauki ƙamus ya mayar da kowane sarki Emir ya naɗa sarakunan yanka barkatai a masarauta ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin laifi ba ne a fada. Irin waɗannan a bar su da Hausarsu. Haka Magaji: a ƙasar Katsina mukan ce wa dagaci Magaji, amma Magajin Garin Katsina babban basarake ne mai daraja ta hakimi. In ka fassara su duka da kalma ɗaya, ka sauke wani ka ɗaga wani. Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka bar sarautar yadda take, ka biyo ta da aikin mutum.

Na ƙarshe ita ce girmamawa. Mai Martaba ta sarkin yanka ce, a Turanci His Royal Highness. Mai Alfarma ta Sarkin Musulmi ce, His Eminence. Waɗannan suna tafiya ɗaya bisa ɗaya. Mai Girma ce ba ta da abokiya guda, don da Hausa muna faɗa wa gwamna, muna faɗa wa shugaban ƙaramar hukuma, muna faɗa wa hakimi. A Turanci kuwa His Excellency ta irin su gwamna da shugaban ƙasa ce. Idan matasan nan suka ɗora ta a kan hakimi, sannan suka aika da kwafi gidan gwamnati, sun jawo wa kansu dariya, shi ma sun sa shi a tsaka mai wuya. A kwafin Turanci Alhaji da sarautarsa sun wadatar. Su kuma ranka ya daɗe da Allah ya ja zamaninka, kayan adon takardar Hausa ne, a can suke da kwarjini. In aka ja su zuwa Turanci kalma bayan kalma, sai su koma abin ban dariya.

Shawarata ga duk sakataren ƙungiya ko mai shagon buga takardu ita ce ya ware shafi ɗaya a littafinsa, ya rubuta sunan kowane babba da ake yawan aika wa takarda, da sarautarsa, da aikinsa, layi ɗaya na Hausa layi ɗaya na Turanci. Ya samo su daga kan takardar ofishin mutumin ko daga bakin magatakardansa, ba daga katin biki ba. In an yi sabon naɗi ko rasuwa, ya gyara shafin. Matambayi ba ya ɓata, kuma tafiya ɗaya zuwa ƙofar hakimi ta fi a dawo maka da takarda an ja mata jan biro.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.