Maganin ƙarin jini: yawan haɗiya ba shi ne samun lafiya ba

Har yanzu akan sallami mai ƙarancin jini daga asibiti da umarnin shan ƙwayar feros salfet sau uku a rana. A ganina lokaci ya yi da likitocinmu za su sake duba wannan al'ada, domin da yawan masu shan maganin sukan watsar da shi da zarar ciki ya ɗaure.

Dalilin yana cikin hanta. Kowace ƙwaya mai miligiram 200 tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na sinadarin ƙarfe. Idan aka sha ta, hanta takan ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rage abin da hanji zai tsotsa har na tsawon kusan awa 24. Ƙwayar rana da ta dare sukan tarar da ƙofa a rufe, sai akasarinsu su zauna cikin hanji suna haddasa tashin zuciya da taurin bayan gida. Wani bincike da aka yi a Zurich a 2017 ya nuna cewa matan da suka riƙa tsallake rana ɗaya sun tsotsi kimanin kashi 22 cikin ɗari na abin da suka sha, masu sha kullum kuwa kashi 16.

Ɗauki ma'aikaciyar da gwaji ya tabbatar ƙarfen jikinta ya yi ƙasa. Da amincewar likita, za ta iya shan ƙwaya ɗaya da safiyar Litinin, Laraba da Juma'a, da ruwa, kafin karin kumallo. Shayin ofis, madara da maganin gyambon ciki su jira awa biyu, don suna hana tsotsa. Lemon zaƙi ba laifi, amma sayen ƙwayar bitamin C ba dole ba ne: gwajin da aka yi wa mutum 440 a Shanghai bai nuna ta ƙara saurin farfaɗowar jini ba. Bayan mako huɗu a sake gwaji. Idan jini bai motsa ba, a nemi inda yake zuba. Idan ya daidaita, a ci gaba wata uku don cike rumbun jiki.

Taurin bayan gida yakan sassauta da yawan ruwa, gwanda, wake da ganye. In ya ƙi, a nemi laktulos maimakon dakatar da magani. Baƙin bayan gida kuwa ba abin tsoro ba ne, launin ƙarfen ne. Amma idan ya zo da danƙo kamar kwalta, da wari mai tsanani, ko jiri da ciwon ciki, wannan alamar zubar jini ce, a garzaya asibiti.

Mai juna biyu ta bi tsarin asibitin awo. Mai sikila kuma kada ya taɓa maganin nan sai gwaji ya nuna yana buƙatarsa.