Gini Ya Tsage Bayan Shekaru: Wa Zai Biya?

A wannan wata za mu duba maganar da kan haɗa maigida da magini rigima, tun daga Birkitari ta Yawunde har Garwa da Marwa. Mutum ya tara guminsa ya ba ɗan kwangila aikin gida, an gama, an biya, an tare. Bayan shekara biyar ko shida sai bango ya tsage, ko dakali ya nutse. In ya koma wurin magini sai ya ji an ce, "Alhaji, ai mun gama da kai tuntuni." Da yawanmu nan muke haƙura, muna zaton doka ma haka ta ce. To, ba haka ta ce ba.

A jihohin Kamaru masu amfani da Faransanci, ana bin kundin dokar mu'amala da aka gada daga Faransa. Sashe na 1792 na kundin ya tanadi cewa in an yi gini bisa kuɗin da aka yanke tun farko, sannan ya rushe duka ko wani ɓangarensa saboda aibin aiki, ko ma saboda aibin ƙasar da aka ɗora shi a kai, to mai zanen gidan da ɗan kwangila su ke da alhaki har shekara 10. Sashe na 2270 kuma ya ce bayan shekara 10 sun fita daga lamunin manyan ayyukan ginin. 'Yan'uwanmu na Bamenda da Kumba su lura, can tsarin shari'ar Ingila ake bi, lissafinsu daban ne.

Abu na farko da za a gane shi ne, ba kowane aibi ne ya shiga wannan lamuni ba. Manyan ayyuka su ne waɗanda ke ɗauke da gida ko suke rufe shi: harsashi, ginshiƙai, bangon da ke ɗaukar nauyi, kankaren bene da rufi. Fenti da ya ɓare, ko makullin da ya lalace, ko 'yar tsagar filasta mai kamar gashi, ba su ciki. Haka kuma aibin da ke fili ranar karɓar gida, wanda maigida ya gani bai ce uffan ba, kotu takan ɗauka ya yarda da shi.

Abu na biyu, wane ne doka ta kama? Sashe na 1799 ya ce magini ko kafinta da ya karɓi aiki jinga kai tsaye daga maigida, a kan kuɗin da aka yanke, shi ma ɗan kwangila ne a ɓangaren da ya karɓa. Ba sai yana da kamfani ko ofis ba. Ba kuma zai tsira da cewa yaransa ne suka ɓata aikin ba, domin sashe na 1797 ya ɗora masa laifin duk wanda ya sa aiki. Amma in maigida ne ya sayi siminti da ƙarfe da kansa, yana tsaye yana ba da umarni, yana biyan magina kuɗin yini, to kusan shi ne ɗan kwangilar kansa, kuma da wuya ya sami wanda zai kama.

Bari mu buga misali. A ce wani ɗan kasuwa a Marwa ya ba magini jingar gida mai ɗaki huɗu a kan sefa miliyan 9, aka rubuta cewa harsashi zai kai zurfin mita ɗaya. Aka miƙa masa makulli ranar 15 ga Maris 2019. Filin kuwa baƙar laka ce, irin wadda Fulani ke kira karal, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. A 2024 sai ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace zuwa ƙasa, tana bin layin bulo kamar matakala, ƙofa kuma ta fara cijewa. Wannan alama ce ta harsashi na motsi. Tsagar da bakin tsabar dala ashirin ke shiga cikinta, ana kuma ganinta ciki da waje, ta wuce maganar filasta.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a kira wani ya shafe tsagar da siminti, a share shaida da hannu. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki hotuna, a manna ɗan farin filasta a kan tsagar a rubuta kwanan wata; in ya fashe bayan makonni, ginin bai daina motsi ba. Daga nan a kira wisiye, wato ma'aikacin shari'ar da ke rubuta abin da idonsa ya gani, ya yi takardar shaida, ya kuma kai wa magini takardar gargaɗi cewa ya zo ya gyara cikin wa'adi. In ya ƙi, lauya zai nemi kotu ta naɗa ƙwararren injiniya ya binciki dalili.

A ce injiniya ya haƙa gefen bango ya tarar harsashi santimita 40 ne kawai, ya kuma ƙiyasta gyara a kan miliyan 2 da rabi. Magini zai ce laifin ƙasa ne. Wannan ba ta fisshe shi, domin doka ta ambaci aibin ƙasa da sunansa: sanin ƙasa aikin mai sana'a ne. Abin da zai iya fisshe shi ko ya rage masa nauyi shi ne ya nuna cewa maigida ya ɗora bene daga baya a kan harsashin da ba a yi don shi ba, ko ya haƙa masai jikin bango, ko kuwa wata annoba ce da ba mai iya hangowa ko tarewa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke kayar da masu gaskiya. Shekara 10 tana farawa daga ranar karɓar gida, ba daga ranar da aka ga tsaga ba. A misalinmu ƙofa za ta rufe a watan Maris 2029. Takardar gargaɗi kaɗai ba ta tsayar da wannan lissafi, sammacin kotu ne ke tsayar da shi. Sulhu a gaban sarkin Hausawa ko dattawan unguwa abu ne mai kyau, amma in magini ya amsa laifi a rubuta ya sa hannu, kada a bari "gobe, jibi" ta cinye shekarun.

Saboda haka ga mai shirin gini, takarda biyu ne garkuwarsa. Ta farko yarjejeniya mai ɗauke da kuɗi, zurfin harsashi, kaurin ƙarfe da cikakken sunan magini kamar yadda yake a katin shaidarsa. Ta biyu takardar karɓar gida mai kwanan wata, da jerin duk aibin da aka gani a ranar, kowa ya sa hannu. Magini na ƙwarai ma ta amfane shi, don ita ce za ta nuna ranar da nauyi ya sauka daga wuyansa. In kuma tsaga tana ƙara buɗewa kullum, ko kankaren sama ya fara lanƙwasa, a fitar da iyali tukuna kafin a nemi wisiye. Benen da ya rufta a Duwala a watan Yulin 2023 ya hallaka mutum fiye da 30.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.