Kunnen Doki a Jerin Sakamakon Jarrabawa

Al'ada ce a makarantunmu, idan zango ya ƙare malamin aji ya tara makin kowane ɗalibi, sa'an nan ya jera su tun daga na ɗaya har zuwa kurar baya. Aikin ba shi da wuya sai fa inda ɗalibai biyu suka yi kunnen doki. A nan ne ake tauye haƙƙin yara ba tare da an lura ba.

Alal misali, a ce darussa shida aka yi. Binta ta sami jimillar maki 512, Audu da Zainabu kowannensu 498, Garba kuwa 471. Wani malamin sai ya ba Audu na biyu, Zainabu ta uku, ba don kome ba sai don sunan Audu ya riga nata a rajista. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, gama harafin farko na suna ba ƙoƙari ba ne. Dukkansu na biyu ne.

To, Garba fa? Mafi yawa sukan ce na uku ne, wai don kada a tsallake lamba. A ganina kuskure ne. Ma'anar matsayi ita ce a ƙidaya waɗanda suka fi ɗalibi maki, a ƙara ɗaya. Mutum uku suka fi Garba, saboda haka shi na huɗu ne, kuma jerin ya zama 1, 2, 2, 4. Matsayi na uku bai ɓace ba, yana cikin kujeru biyun da Audu da Zainabu suka cike. Haka aka yi a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, inda Mutaz Barshim na Katar da Gianmarco Tamberi na Italiya suka raba zinariya a tsallen sama: ba a ba kowa azurfa ba, wanda ya bi musu tagulla ya samu.

Illar ƙin tsallakewa tana fitowa ne a wutsiyar jeri. A ajin mutum 40, in an yi canjaras na bibbiyu sau tara, wanda ya zo ƙarshe sai a rubuta masa na 31 cikin 40. Mahaifinsa ya karɓi takarda yana zaton ɗansa ya wuce yara tara, alhali bai wuce ko ɗaya ba.

Akwai kuma kunnen doki na jabu, wanda malami ke haifarwa da hannunsa. In aka raba 500 gida shida a sami 83.3, in aka raba 496 a sami 82.7. Da zarar an cike su zuwa cikakkiyar lamba, duka sun koma 83, ga shi kuwa maki huɗu ke tsakaninsu. Don haka muddin darussan da aka ɗauka ɗaya ne, da jimilla ya kamata a yi jeri. Matsakaicin maki sai inda yawan darussan ya bambanta, a nan ma kada a taɓa ɗigon sai an gama jerawa.